Tambaya, lamba ko alkawari: abin da tallar ƙanena ta koya mini a Birik

 

Duk wanda ya taɓa takawa daga Briqueterie, wato Birik ɗinmu, ya bi ta Messa ya nufi kasuwar Mokolo, ya san takardun nan da ake mannawa a bango da jikin falwayar wuta. Rabinsu na masu koyar da yara a gida ne, abin da muke kira refetisiyon a nan Yawunde, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma suke ce masa lesin. Kusan dukkansu magana ɗaya suke yi: darasi a gida, dukkan darussa, dukkan azuzuwa, sai lambar waya. Ƙanena ɗalibin lissafi ne a jami'ar Ngoa-Ekelle, shi ma irin wannan takarda ya manna. Wata biyu cur, mutum biyu suka kira shi. Ɗaya ma faransanci yake nema wa 'yarsa.

Ya zo mini ransa a ɓace ya ce, "Yaya, mutanen unguwar nan ba su damu da boko ba." Na ce masa ba haka ba ne. Na san iyaye mata da ke shiga adashi saboda kuɗin jarrabawar BEPC. Matsalar tana layin farko na takardarsa. Mai wucewa a kan babur, ko uwa mai riƙe da leda da yaro goye, layi ɗaya kawai take karantawa. David Ogilvy, ɗaya daga cikin manyan masu sana'ar talla, ya rubuta tun 1963 cewa masu karanta kanun talla sun ninka masu karanta cikinta kusan sau biyar. Layin ƙanena kuwa bai kira kowa ba, don wanda ya ce yana koyar da komai ga kowa, babu uwar da za ta ji da ɗanta ake.

Sai muka yanke shawarar gwada salo uku da masu talla suka daɗe suna amfani da su: tambaya, lamba, da alkawari. Kafin komai muka rage abin da yake sayarwa ya koma ɗaya, lissafi ga 'yan ajin BEPC. Wannan kaɗai ya sa shi gardama har ta kwana biyu, yana ganin zai rasa sauran yara.

Tambaya ce ta fi ba mu wahala. Abin da ya fara rubutawa shi ne, "Ɗanku yana faɗuwa a lissafi?" Goggonmu tana zaune tana tsince shinkafa, ta ɗago ta ce, "Kai ɗan nan, wa zai tsaya gaban wannan takarda a bakin masallaci ya kwafi lamba? Ai ya gaya wa unguwa ke nan ɗansa daƙiƙi ne." Gaskiyarta. A Birik kowa ya san kowa, tela yana kallonka, mai tsire yana kallonka. Tambayar da ke tona asiri, ko ta dace da halin mutum, kunya za ta hana shi amsa ta. Akwai kuma tambayar da ke mutuwa ta ɗaya gefen, irin su "Kuna son ɗanku ya yi nasara?" Kowa zai ce eh, ya wuce abinsa, don ba ta ba shi dalilin tsayawa ba.

Misalin da na ba ƙanena na wata tsohuwar talla ce ta Amurka, kuma ita ma ta koyarwa ce. Maxwell Sackheim ya rubuta ta don darussan turanci na Sherwin Cody, waɗanda ake aika wa mutane ta gidan waya. Ma'anar kanunta ita ce: kana yin waɗannan kurakurai a turanci? An yi kusan shekara 40 ana buga ta. Ƙarfinta yana cikin kalmar "waɗannan". Ba za ka iya amsa eh ko a'a ba sai ka karanta ka ga waɗanne ne. Da wannan muka gyara tamu ta koma: "Ɗanku yana yin waɗannan kurakurai 3 a lissafin BEPC?" A ƙasa muka jera su: rikita alamar ragi idan an buɗe baka, haɗa ɓangarorin lamba ba tare da daidaita na ƙasa ba, da amfani da ƙa'idar Pitagoras a alwatikar da ba ta da kusurwa madaidaiciya. Kuskure abu ne da ke samun yaron kowa, don haka babu abin kunya a tsayawa.

Lamba kuma ba ta ɗauke mu lokaci ba. Abin lura ɗaya ne: lambar ta zama wadda iyaye ke lissafi da ita, ba wadda malami ke alfahari da ita ba. "Shekara 4 ina koyarwa" labarin malami ne. Uba yana son ya san nawa ne, sau nawa ne. Muka rubuta: "Lissafin BEPC a gida: minti 90, sau 2 a mako, sefa 15,000 a wata."

A kan alkawari ne muka yi sa-in-sa. Ƙanena yana son ya rubuta cin jarrabawa ɗari bisa ɗari, don haka yake gani a takardun wasu. Na ce masa sam. Cin jarrabawa ba a hannunsa yake ba. Yaro na iya yin zazzaɓi ranar, yana iya samun 14 bisa 20 a lissafi ya zube a sauran darussa. Wanda ya karɓi kuɗin uwa mai sayar da ƙosai a kan alkawarin da bai mallaka ba, ya ci amana, ko da kuwa yaron ya ci daga baya. Kuma iyayen sun waye, sun ga ɗari bisa ɗari a bango sun ga sakamako a watan da ya fito. Na tambaye shi, "Me za ka iya rantsewa za ka yi, ko ana ruwa ko ana rana?" Ya yi shiru, sannan ya ce zai iya yi wa yaro gwaji kowane mako ya gyara. Shi ke nan, alkawari ya samu: "Duk Asabar za ku karɓi takardar gwajin lissafin ɗanku, an gyara, da makinsa a kai."

Yanzu ga yadda muka yi gwajin, don a nan mutane da yawa ke yaudarar kansu. Kanun kaɗai muka canza. Girman takarda ɗaya, rubutu ɗaya, bayanin ƙasa da farashi da lambar waya duk ɗaya, kuma dukkansu da faransanci aka rubuta su, tunda da shi akasarin iyaye ke karanta boko a nan. Banda jerin kurakuran nan uku, wanda ya zama dole ga takardar tambaya, babu wani bambanci. Muka buga 20 na kowanne. Muka zaɓi wurare uku: kewayen babban masallacin Birik, hanyar Messa, da ɓangaren Tsinga. Kowane mako muna juya su, ta yadda kowane kanu ya kwana bakwai a kowane wuri. In ba a juya ba, ba za ka san ko kanun ne ya jawo mutane ko cunkoson ranar Juma'a ba. Muka yi shi a watan Janairu, bayan an raba sakamakon zango na farko, lokacin da iyaye suka ga makin da ke ƙasa da 10 da idonsu.

Sauran dabarar tsohuwa ce, John Caples ya yi littafi guda a kan irin wannan gwaji tun 1932: kowace talla a sa mata alama. Idan ka tambayi mai kira wace takarda ya gani, ba zai tuna ba. Don haka a ƙasan kowacce muka rubuta cewa wanda ya ambaci kalma kaza zai samu zaman farko kyauta. Ta tambaya "biro", ta lamba "alli", ta alkawari "littafi". Ƙanena ya ja layi a bayan littafinsa, yana rubuta rana, kalma, da abin da ya biyo baya.

Bayan mako uku, tambaya ta kawo kira 11, lamba 5, alkawari 4. Ya yi ta murna yana cewa tambaya ta ci. Na ce ya dakata mu ga wa ya buɗe masa ƙofar gida. Cikin 11 ɗin, biyu ne suka fara darasi. Sauran sun kira ne don abin ya ja hankalinsu, da suka ji farashi sai "za mu kira ka". Ba su karanta shi a ƙasa ba. Cikin biyar na lamba, uku suka fara, kuma babu wanda ya yi ciniki, don sun ga kuɗin tun kafin su danna waya. Cikin huɗu na alkawari, biyu suka fara. Zuwa watan Maris ɗaya daga cikin na tambaya ya janye, amma na lamba da na alkawari duk suna nan. Wata uwa a Messa, wadda ba ta yi boko ba, ta gaya masa, "Malam, ni ban iya lissafinku ba, amma na iya ganin 7 ta zama 9." Takardar Asabar ɗin take tarawa a cikin kwalla.

Kada wani ya ɗauki wannan ya ce lamba ta fi tambaya a ko'ina. Kira 20 kaɗan ne ƙwarai. Tazarar 11 da 4 tana iya nuna wani abu, amma tazarar 3 da 2 mutum ɗaya ne, wanda da ruwan sama ya kama shi ranar da labarin ya canza. Kuma wasu takardun an yage su ko an manna wasu a kansu kafin mako ya cika. Abin da na tsaya a kai shi ne kowane salo aikinsa daban. Tambaya tana tsayar da mai wucewa. Lamba tana tace wanda zai iya biya tun daga bango. Alkawari kuwa, in na gaskiya ne, shi ke riƙe iyaye bayan wata na farko, don kowane mako suna ganin an cika shi.

A ƙarshe ya haɗa biyu: lamba a sama da manyan baƙaƙe, alkawarin Asabar a ƙarƙashinta. Tambayar ya mayar da ita saƙon murya da Hausa, Goggo ta tura a zaurukan mata na WhatsApp, inda uwa za ta saurara ita kaɗai a ɗakinta. A nan ma sai da muka tsaya kan kalma ɗaya. Faransanci yana ɓoye ko uba ake nufi ko uwa, ko yaro ko yarinya. Hausa ba ta ɓoyewa. Muka bar "ɗanki" da "ɗanka", muka ce "yaranku", don kada iyayen 'ya'ya mata su ji ba da su ake ba.

Ɗalibai 'yan'uwana da ke refetisiyon a Birik, Messa da Tsinga, kafin ku kai kuɗinku wurin mai buga takarda, ku rubuta kanu uku, ku sa wa kowanne kalmarsa, ku ƙirga waɗanda suka biya wata na biyu. Kuma don Allah ku cire ɗari bisa ɗari daga takardunku. Iyaye kuma, duk malamin da ya zo muku, ku tambaye shi me za ku gani a hannunku ranar Asabar.