Ali Nuhu kafin Alhaji Matawalle: ta ina za ka fara?

1/
Wani ya tambaye ni jiya: "In ina son sanin Ali Nuhu da gaske, wane fim zan fara da shi?" Na ce masa amsar ta fi ƙarfin saƙo ɗaya. To ga zare. Fina-finai huɗu ne kacal, da dalilin da ya sa na jera su haka. Amma bari in fara da kunyar da na sha a gida.

2/
A 2022, lokacin yajin aikin ASUU, wata takwas na yi a gida Kusada, daga Fabrairu har Oktoba. Ba karatu, ba aiki. Kullum da dare ni da ƙannena muna kan Izzar So a wayata. Wata rana na ce, "Ni fa ban ga abin da ake zuzutawa a Ali Nuhu ba. Kullum babbar riga, kullum nasiha."

3/
Inna tana gefe tana gyaran wake. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Kai ɗan nan, mi ka sani? Ka tarar da mutum ya yi furfura ka ce haka aka haife shi." Ƙannena suka kwashe da dariya. Na ce, "To Inna, a ina ya yi abin kirkin?" Ta ce, "Nemo Sangaya ka gani."

4/
Ashe tana amarya ta kalle shi a kaset ɗin bidiyo. Kaset ɗin sun daɗe da lalacewa, na'urar ma ba a san inda ta shiga ba. Shekara kusan ashirin rabonta da shi. Washegari na nemo, muka zauna tare. Daga nan na fara bin aikin mutumin nan daga tushe, kuma jerin nan da zan ba ku a wannan zaman ya samo asali.

5/
A taƙaice: an haife shi a Maiduguri a 1974, ya karanta ilimin ƙasa a Jami'ar Jos, ya fara fitowa a Abin Sirri Ne a 1999. Fina-finansa sun kai ɗaruruwa. Duk wanda ya ce zai kalle su duka, ƙarya yake. Dabarar ita ce ka ɗauki guda ɗaya daga kowane zango, ka lura da abin da ya canja.

6/
NA FARKO: Sangaya, na kamfanin Sarauniya, umarnin Aminu Muhammad Sabo. Ali Nuhu ne Yarima, Fati Muhammad ce Zubaina, yarinyar da ke aikatau a gidan sarautar. Yana wulaƙanta ta, daga baya lamarin ya juye. Yadda aka yi ya juye, ba zan ɓata muku ba.

7/
Abin da za ka sa wa ido shi ne rabin farko. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, siriri, yana taƙama da isa, kallon raini kawai yake yi ka ji haushinsa. Wanda ya san shi a matsayin dattijo mai haƙuri zai sha mamaki. Ni dai a nan na fara janye maganata.

8/
Me ya sa ban ce a fara da Abin Sirri Ne ba, tunda shi ne na fari? Saboda fim ɗin farko na ɗan wasa tarihi ne, ba ƙofar shiga ba. Sangaya ne ya kai shi gidajen mutane, kuma waƙarsa na cikin abin da ya sa waƙa da rawa suka zama dole a fina-finan shekarun da suka biyo baya. In ka gane shi, ka gane zamanin.

9/
Gargaɗi: hoton ya dushe, sautin yana hawa yana sauka, waƙoƙin suna da tsawo. Kada ka auna shi da abin da ake ɗauka yau. Na so in tsallake waƙar, Inna ta riƙe min hannu. Ta ce a lokacinsu saboda ita ake aron kaset ɗin, har a mayar da shi baya sau uku.

10/
NA BIYU: Wasila (2000), na Yakubu Lere, umarnin Ishaq Sidi Ishaq. A nan shi ne Jamilu, mijin da matar da yake so ta ci amanarsa. Wasila Isma'il ce matar. Ka kalle shi dab da Sangaya, kwana ɗaya ko biyu tsakani, don bambancin ya fito maka sarai.

11/
A Sangaya shi ke cutarwa, a Wasila shi ake cuta. Zamani ɗaya, fuska ɗaya, amma tafiyarsa da muryarsa sun bambanta. Gwajin da nake yi wa kowane ɗan wasa ke nan yanzu: a nemo fim biyu na lokaci guda inda matsayinsa ya saɓa. In mutum ɗaya ka gani a duka biyun, to farin jini yake ci, ba iyawa ba.

12/
Wasila ne fim ɗin da ya sa ni da Inna muka yi gardama ta gaske. Ni na ce Jamilu ya cika sanyi. Ita ta ce ban san zafin so ba, kuma ban san yadda surutun dangi ke cin aure ba. Daga nan ta shiga ba ni labarin shekarunta na farko a gidanmu, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Har yau ina tuna daren.

13/
NA UKU: Confusion Na Wa (2013), umarnin Kenneth Gyang. Fim ne na Turanci da Burokin, tare da Ramsey Nouah da OC Ukeje. Labarin ya taso ne daga wayar da wasu samari biyu suka tsinta, suka ga sirrin mai ita a ciki. Shi ya ci kyautar gwarzon fim a AMAA ta 2013.

14/
Ali Nuhu ne Bello, ma'aikacin ofis da kowa ya raina, a wurin aiki da a gida. Babu waƙa, babu kwalliya, babu wanda ke kiransa sarki. Kafaɗa a sauke, magana ƙasa-ƙasa, fushi yana taruwa a ciki. In za ka kalli guda ɗaya tak don ka san ko ya iya wasa, wannan ne.

15/
Wasu za su ce ai Sitanda (2006) na Izu Ojukwu ya kamata in saka, tunda da shi ya ci kyautar AMAA a 2007, kuma shi ya buɗe masa ƙofar Kudu sosai. Gaskiya ne. Amma ga mai farawa, Bello ya fi nuna nisan da ke tsakaninsa da Yarima. Sitanda ya biyo baya in ka samu.

16/
Abin lura: Confusion Na Wa ba na zaman falo da iyaye ba ne. Akwai zantukan manya da kalaman da ba za ka so ƙannenka su ji ba. Wannan ni kaɗai na kalla, da abin kunne. Kada ka ce ban faɗa maka ba.

17/
NA HUƊU: Mansoor (2017), na kamfaninsa FKD, shi ya ba da umarni. Umar M. Shareef da Maryam Yahaya ne a gaba. Labarin saurayi ne da ya gano cewa asalinsa ba yadda aka faɗa masa ba ne, ya fita neman gaskiya. A nan ba fuskar Ali za ka bi ba, hannunsa za ka bi.

18/
Ka lura da wa ya ba wa gaba. Mawaƙi da sabuwar fuska ya ɗora wa fim ɗin, shi ya koma bayan kyamara. Ka kuma lura cewa don sinima aka shirya shi, a lokacin da kasuwar faifai ta durƙushe saboda satar fasaha da tura fim a waya. Shi ya sa hoto da sauti suka yi wa na 2000 nisa.

19/
Ba zan ɓoye aibi ba. Tasirin Indiya a aikinsa na umarni a fili yake. Mujadala na 2000 ma daga fim ɗin Indiya Dillagi aka ɗauko ƙashin bayansa. In wannan salon na damunka, zai dame ka a Mansoor. Son ɗan wasa bai hana ka ce wannan wurin bai yi min ba.

20/
Bayan huɗun nan, sai ka koma Izzar So na Lawan Ahmad, ɗan jiharmu daga Bakori, wanda ya fara a 2020. Da na koma, sai na ga Alhaji Matawalle da wani ido. Shirun da nake kira rashin kuzari, ashe mutum ne da ya riga ya yi Yarima, ya yi Jamilu, ya yi Bello, ya san ba sai ya ɗaga murya ba.

21/
Yanzu tarkunan nema, don na faɗa cikinsu duka. Na ɗaya: ranar da ke ƙasan bidiyo a YouTube ranar ɗorawa ce, ba shekarar fim ba. Na biyu: suna ɗaya, fim biyu. Akwai Mujadala na 2000, akwai sabon na 2018. In ka ga Umar M. Shareef da hoto mai faɗi tas, sabon ne.

22/
Na uku: tsofaffin fina-finai kashi-kashi suke, na 1, na 2, wani har na 3. Sau da yawa kashi ɗaya ake ɗorawa. Ka duba tsawonsa, ka kuma leƙa ƙarshensa kafin ka zauna. Mun taɓa kai wa tsakiyar rikici a Wasila bidiyon ya yanke. Kallon da Inna ta yi min, sai ka ce ni na yanke shi.

23/
Na huɗu: data. Fim ɗin da aka kwafo daga kaset ba zai ƙara kyau don ka sa shi a 720p ba. Ka sauke zuwa 360p, hoton kusan ɗaya ne, kuɗin ya ragu sosai. In kuma akwai shi a tashar masu fim ɗin, can ka kalla. Wanda ya yi wahalar shi ya kamata ya ci ribar.

24/
A Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya da ke Jos. Da na ji, abu ɗaya ya zo min: ina ma a tattara fina-finan zamanin kaset a adana su da kyau. Abin da iyayenmu suka kalla suna amare yanzu ya dogara ne da kwafin da wani ya ga damar ɗorawa, kuma gobe yana iya gogewa.

25/
Jerin a dunƙule: Sangaya, Wasila, Confusion Na Wa, Mansoor, sannan Izzar So. Biyun farko kada ka kalla kai kaɗai. Nemi Inna, ko Gwaggo, ko Yaya da ta ga zamanin, ka miƙa mata wayar. Ni da na koma makaranta a ƙarshen yajin aikin, saƙon farko da ƙanwata ta turo min shi ne: Inna ta ce in na zo hutu in taho mata da ragowar Wasila.