Ɓarawon Gero da Haƙƙin Mai Karatu

Lokacin da nake koyarwa a Cadakori, na rubuta labarin satar gero dami bakwai daga rumbu. Ɗalibaina suka ce na cuce su, domin ɓarawon bai bayyana ba sai a shafin ƙarshe. Suna da gaskiya: tun 1929 Ronald Knox ya gindaya sharaɗin a ambaci mai laifi da wuri.

Sai na sake ginin daga ƙarshe. A shafin farko na nuna ƙanen mai rumbu yana ɗaure akuya da hagu. Sawun amalanke da ya nufi Maraɗi ya jawo wa wani baƙo zargi, alhali kara ya ɗauko. Ƙullin bahago a igiyar murfin rumbu shi ya tona asiri.

Wata ɗaliba ta koma shafin farko, ta ce: "Malam, ashe ka faɗa mana!"