Fargaba ma a Yanka Mata Lokacinta

Shekarun da na yi ina koyarwa sun nuna mini cewa a makon ƙarshe kafin jarrabawa, yawancin yara ba rashin karatu ke kayar da su ba. Littafi na buɗe a gaban yaro, amma zuciyarsa tana can tana lissafin faɗuwa. Mu iyaye kuma sai mu ce masa "daina damuwa", alhali tunanin da aka kora da ƙarfi ya fi saurin dawowa.

Abin da na ga yana aiki shi ne a yanka wa fargabar lokacinta. Masanin halayyar ɗan'adam Thomas Borkovec da abokan aikinsa sun bayyana dabarar tun 1983: lokaci guda, wuri guda, kullum. Su rabin sa'a suka ware. Ni a ganina minti 20 ya ishi ɗalibi. Duk tunanin da ya faɗo masa yana cikin karatu, ya rubuta shi a gefen takarda, ya bar shi sai bayan la'asar. In lokacin ya yi, ya zauna nesa da teburin karatu da shimfiɗarsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya: wannan akwai abin da zan iya yi a kansa?

Da jikata take shirin JAMB, abin da ta fi rubutawa shi ne lokaci ba zai ishe ta ba. Muka zauna muka lissafa: tambayoyi 180 cikin minti 120, wato daƙiƙa 40 kowace tambaya. Washegari ta ɗauki tsofaffin tambayoyin kimiyyar sinadarai guda 40, ta sa agogo, ta gama cikin abin da bai kai rabin sa'a ba. Tsoron ya koma aikin da ake iya gwadawa. Amma "me Baba zai ce in na faɗi?" ba shi da maganin yau, ta karanta shi, ta yi addu'a, ta rufe takardar.

Kada a kai wannan zama kusa da barci, don yaro zai kwana da shi. Da an gama, a tashi a taka ƙasa na minti 20, ko a ɗebo ruwa, ko a yi shara. Ba makon fara gudu ko ƙwallo mai zafi ba ne.

Karatun kansa a yi minti 45, a huta 10, lokutan salla su zama manyan hutu. Latsa waya ba hutu ba ne, musamman zauren 'yan aji inda kowa ke tsorata ɗan'uwansa. Goro da kofi da daddare kuwa bugun zuciya suke ƙarawa, yaro ya ɗauka tsoro ne.

In kuma an kwana uku ba barci, abinci ya ƙi ciwuwa, ƙirji na ɗaurewa, to abin ya wuce takarda da alƙalami, a kai yaron wurin likita.