Wasiƙar barin jami'a: kalma ɗaya da ke raba sauyi da asara

A shekarun da na yi ina kula da sakamakon jarrabawa a wani sashe na jami'a, wasiƙun ɗalibai masu neman komawa wata makaranta sun sha biyowa ta teburina. Abin da na fi dubawa a cikinsu shi ne kalmar da ɗalibi ya zaɓa: janyewa ya ce, ko sauyi?

Wanda ya rubuta cewa ya janye daga karatu ya rufe ƙofa da hannunsa, domin da zarar an amince, an cire sunansa. Wanda kuwa ya nemi a sake shi ya koma wata jami'a, ɗalibi ne har ranar da can suka karɓe shi. Hausawa sun ce kada a saki reshe a kama ganye. Shi ya sa nake ce wa kowa ya fara samun takardar neman sauyi daga inda za shi, kafin ya ɗauki alƙalami.

Wasiƙar ta magatakardar jami'a ce, amma sai ta bi ta hannun shugaban sashe da na tsangaya, kowa ya sa hannu. A ciki a rubuta lambar rajista, da aji, da dalili a jimla ɗaya, da cikakken adireshin ofishin da za a aika wa kundin sakamako, wato tiranskirif. Adireshin nan wajibi ne, domin kundin da ake yarda da shi daga jami'a zuwa jami'a yake tafiya, ba a hannun ɗalibi ba. Kuma ba ya fita sai laburare da ofishin kuɗi sun shaida babu bashi.

Wata ɗaliba ta gama aji ɗaya a sashenmu, rashin lafiyar mahaifiyarta ya sa ta nemi komawa kusa da gida. Kwas goma sha huɗu ta yi rajista, amma da muka jera sakamakonta sai goma sha uku suka fito. Ta zauna jarrabawar, makin ne bai shiga ba. Da an aika kundin haka, can za su ɗauka ba ta ci kwas ɗin ba, alhali yana cikin sharuɗɗan shiga aji biyu. Takardar halartar jarrabawa mai ɗauke da sa hannunta ce ta cece ta. Sai dai gyaran ya jira amincewar majalisar jami'a, wadda ba kullum take zama ba, ga wa'adin can yana ƙaratowa. Da yake sauyi ta nema, gurbinta na nan har aka kammala.

Saboda haka, kafin ɗalibi ya miƙa wasiƙa, ya gwada takardar rajistar kwasa-kwasansa da sakamakon da aka fitar, kwas bayan kwas. Ranar miƙawa kuma ya tafi da kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata, ya adana shi tare da rasit.