Sakan uku na farko da sakan na ƙarshe: abin da injin buta ya koya min

1/ Jama'a, tun da na fara jerin gajerun bidiyoyin nan na yadda ake ƙera kaya a masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai, tambaya biyu ake yawan yi min: yaya ake tsayar da mutum kada ya ture bidiyon da yatsa, kuma yaya ake sa ƙarshe ya koma farko ba a lura ba. A wajena amsar ɗaya ce, domin yanka ɗaya ke yin aikin biyu. Bari in warware a zaren nan.

2/ Sakan ukun nan ba camfi ba ne. Facebook ya daɗe yana ware adadin waɗanda suka kalli bidiyo na sakan uku. YouTube yana nuna maka kason waɗanda suka tsaya da na waɗanda suka ture. TikTok yana zana maka layin da ke nuna sakan ɗin da mutane suka fara zarewa. Wanda ya tafi a nan bai ga sauran wahalar da ka sha ba, ko da ka wuni a cikin zafin inji kafin ka samo ta.

3/ Matsalarmu ta farko tarbiyya ce mai kyau. Bahaushe ba ya fara magana ba sallama. To amma gwada da agogo: "Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, yau ga mu a Sharaɗa." Kafin ka rufe baki sakan huɗu zuwa biyar sun tafi, kuma abin da mai kallo ya gani fuskarka ce da get ɗin kamfani. Ni ban daina sallama ba. Na matsar da ita zuwa sakan na huɗu, bayan mutum ya ga abin da zai riƙe shi.

4/ Mu ɗauki kashin da na yi a kan butar roba, a wata masana'anta a Sharaɗa. Ga yadda aikin yake. Ana niƙa roba ta zama ƙanana, a zuba a saman inji, zafi ya narkar da ita, ta sauko kamar bututu mai laushi. Ƙarfe biyu na mazubi su rufe a kanta, a hura iska a ciki, robar ta manne da jikin mazubin. Idan ta ɗan huce mazubin ya buɗe, buta ta fito. Sai injin ya sake daga farko.

5/ Ku lura da wannan: aikin da kansa zagaye ne. Injin ba shi da farko ba shi da ƙarshe, mu ne ke zaɓar inda za mu shiga. Yawancin masu ɗauka suna bin tsarin labari, su fara da tarin tsohuwar roba su ƙare da buta. Amma tarin roba ba ya motsi, kuma duk ɗan Kano ya gaji da ganinsa a bakin kwata. Wurin da ido ke tsayawa shi ne lokacin da mazubi ya buɗe. Daga nan nake farawa.

6/ Ga dabarar. Na kafa waya a kan sandar ɗauka, na ɗauki zagaye guda ba tare da na taɓa ta ba: mazubi ya rufe, iska ta shiga, ya buɗe, buta ta fito. A CapCut na nemi daidai inda ƙarfen ya fara rabuwa na danna Split. Rabin baya, wato buɗewar, na kai shi farkon bidiyo. Rabin gaba, wato rufewar, na kai shi ƙarshe. Da bidiyon ya ƙare ya sake farawa, yankan biyu sun haɗu kamar ba a taɓa raba su ba.

7/ Tsarin duka sakan 20 ne:
0 zuwa 3, mazubi ya buɗe, buta ta fito.
3 zuwa 7, gajeriyar sallama da tarin tsohuwar roba.
7 zuwa 11, injin niƙa.
11 zuwa 16, narkakkiyar roba na saukowa.
16 zuwa 20, mazubi ya rufe, ana jin iska.
A sakan na 20 mai kallo yana jiran ƙarfen ya buɗe, kuma buɗewar tana sakan na farko. Jiran nan ne ke sa ya zauna.

8/ Magana ma haka nake ƙulla ta. Jimlar farko: "Butar da ka jefar ce wannan." Kalma shida, ƙasa da sakan biyu, kuma ta sa mai kallo a cikin zancen. Jimlar ƙarshe ban kammala ta ba: "Gobe in ka ga sabuwa a kasuwa, kada ka yi mamaki in an ce maka..." Sai bidiyon ya juya, jimlar farko ta cike gurbin. Amma muryar fa kada ta sauka. Muryarmu tana sauka in mun zo ƙarshen zance, kunne kuwa da ya ji haka ya san an gama.

9/ Kafin in faɗi jimlar nan sai da na tambayi mai kula da injin. Na ce, "Malam, tsohuwar roba ce zalla ko ana haɗawa da sabuwa?" Ya ce, "Ya danganta da kayan da ake so, amma wannan da kake gani tsohuwa ce muka niƙa." Da ya ce sabuwa ce, da na nemi wata jimlar. Ƙugiyar da ba gaskiya ba za ta tsayar da mutum yau, gobe kuma a rufe maka get, ka ja wa wanda ya shigar da kai.

10/ Na kuma rubuta jimlar a kan hoton tun daga sakan na farko, layi biyu kawai, manyan baƙaƙe. Da yawa suna kallo a cikin adaidaita ko a wajen aiki, murya a kashe. Rubutun ya zauna a tsakiya zuwa sama, domin ƙasan allo da gefen dama na sunanka ne da maɓallan manhaja, za su rufe shi.

11/ Abu uku ke tona asirin mahaɗar. Na farko haske. Waya tana gyara haskenta da kanta, to idan ma'aikaci mai farar riga ya gifta sai hoton ya ɗan yi duhu. Danna allon ka riƙe har ka ga AE/AF Lock kafin ka fara. Wani abin kuma, wutarmu tana kaɗawa sau 50 a sakan, shi ya sa fitilun masana'anta kan yi ƙyaftawa a bidiyon da aka ɗauka a 30 fps. Idan wayarka ta yarda, koma 25 fps.

12/ Na biyu sauti. Masana'anta ba ta shiru, kuma gurnaninta yana canzawa. In ka ɗauki wani yanki da wutar KEDCO, aka ɗauke aka tada janareta ka ɗauki sauran, kunne zai ji bambancin ko ido bai gani ba. Ina naɗar gurnanin wurin shi kaɗai na rabin minti, in shimfiɗa shi ƙarƙashin bidiyon duka da ƙarfi ɗaya. Kada ka sa sauti ya riƙa dusashewa a ƙarshe, wannan sallamar mai kallo ce.

13/ Na uku shi ne duk abin da ke cewa "an gama": baƙin allo, tambarin shafi, "sai mun haɗu a kashi na gaba". CapCut kan liƙa nasa tambarin a ƙarshe, goge shi. Yadda zan gane mahaɗa ta yi kyau, sai in miƙa wa wani wayar ba bayani. In ya kai inda ake niƙa roba karo na biyu kafin ya ce "au, ashe ya sake", ta yi. In ya miƙo min daidai sakan na 20, akwai gyara.

14/ To jerin fa? In babu "ku biyo mu" a ƙarshe, yaya za a san akwai na gaba? Na mayar da wannan tsakiya. Lambar kashi tana saman allo tun daga farko, ƙarama. Wajen sakan na 12 rubutu ya fito na ɗan lokaci: "Kashi na 4: silifa". Kowane kashi kuma da irin buɗewa ɗaya yake farawa, kaya na fitowa daga inji da jimla ɗaya, har mutum ya gane jerin kafin ya karanta sunana.

15/ Manajoji ba sa son wannan tsarin da farko. Ɗaya ya ce min, "Ai sai a fara da allon sunanmu." Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya ga allo a sakan na farko talla zai ɗauka ya wuce. In sunan yana jikin buhu ko rigar ma'aikaci a tsakiya, duk wanda ya zagayo sau biyu ya gan shi sau biyu." Da haka muka daidaita.

16/ Ba ko'ina dabarar ke ci ba. A Challawa, wajen masu jimar fata, manyan gangunan da ake juya fata a ciki suna ba da zagaye mai sauƙi. Amma aikin jima kwanaki yake ɗauka, kuma maganar ruwan da masana'antun ke saki zuwa kogin Challawa ba ta sakan 20 ba ce. Hoton ruwa mai launi zai tsayar da kowa, sai dai in ka juya shi ba bayani, tsoro kawai ka sayar. Irin wannan kashin ina barinsa ya yi tsawo, ya ƙare da cikakkiyar magana.

17/ A Bompai kuma, inda wasu tsofaffin masana'antu suka daɗe a rufe, babu injin da ke motsi. A nan motsin daga gare ka zai fito: hannu ya tura ƙofa a farko, a ƙarshe hannun ya nufi ƙofar. Ko ka dogara da ƙullin magana shi kaɗai, kamar na lamba 8.

18/ Wajen duba sakamako, kada matsakaicin lokacin kallo ya ruɗe ku. Misali a lissafi mai sauƙi: mutum 100 sun ga bidiyon sakan 20. Sittin sun tafi a sakan na 2, arba'in sun kalla sau ɗaya da rabi, wato sakan 30. Jimla sakan 1,320, matsakaici 13.2. Adadin ya yi kyau a ido, alhali fiye da rabi sun gudu tun a bakin ƙofa. Zagayen ya yi aiki, buɗewar ce ba ta yi ba.

19/ Don haka ku duba su daban. Layin ya faɗi ƙasa warwas kafin sakan na 3? Canza hoton farko ko jimlar farko, kada ka taɓa sauran. Mutane sun kai ƙarshe amma ba sa zagayowa? Duba haske, sauti da saukar murya a mahaɗa. In kuma ana ta maimaitawa ana rubuto maka "ban gane ba", ruɗewa ce ke dawo da su, sai ka rage gudun tsakiyar.

20/ Ga mai son gwadawa gobe: kafin ka ciro waya, nemi izini, ka tambayi ma'aikaci ko ya yarda fuskarsa ta fito, ka tsaya inda aka ce ka tsaya domin mazubi ba ya jiran hannu. Sannan ka kalli injin ya zagaya sau goma. Inda ka ga idonka yana jira kowane zagaye, nan za ka yanka.