Ɗumamen bikin Birmingham

Tun da na dawo ɗaki daren Asabar abu ɗaya ke cina: mutum kusan 500 suka ci ɗumame a wurin biki, suka tashi suna yabon kuku. Ni na kai musu da hannuna, domin ranar ce ranata ta farko a aikin sabis, a wani babban ɗakin taro a Birmingham.

Na isa da azahar ina baza hanci, ina jiran ƙamshin girki. Ko hayaƙi babu. Shugabar 'yan sabis ta buɗe mana ɗakin sanyi, sai ga farantai jere a kan wasu amalanke na ƙarfe masu hawa-hawa, kowane faranti da kazarsa da dankalinsa da ganyensa, sanyi ƙalau. Tun jiya aka dafa, aka sanyaya da gaggawa, aka shirya. In lokacin ci ya yi sai a tura amalanken ɗungurungum cikin wani obin mai tururi, ya yi kamar minti 10, a fito da shi a lulluɓe da bargo mai riƙe zafi. Romo kaɗai ake zubawa a kai a ƙarshe.

Na tuna bayan gidanmu ranar bikin Yaya, sai raina ya ɓaci. Da na kira Inna washegari na ba ta labari, cewa ta yi, "Kai ɗan nan, amaryar ma ɗumame aka ba ta? Ba ta da dangi ne?"

Amma ɗumamen nasu da ƙa'ida. Kuku yana soka ma'aunin zafi a tsakiyar naman, in bai kai digiri 75 ba amalanken ya koma obin. Abin da aka ɗumama sau ɗaya ba a sake ɗumama shi. A nan na fara jin kishi, domin na san sau nawa shinkafar kula ta kwantar da mutane bayan biki, aka ce sammu ne.

Rabon ma da tsarinsa. Teburi 50, kowane mutum 10. Mu biyar-biyar muke shiga a layi, kowa da faranti biyu, mu kewaye teburi ɗaya, mu ajiye tare. Teburin ango da amarya ake fara kai wa. Ba a ɗauke farantin kowa sai duk teburin sun gama.

A teburi na 32 na yi abin kunya. Tawul ɗina ya jiƙe, ban canza ba, na ɗauki faranti da shi. Jiƙaƙƙen ƙyalle ba ya tare zafi, kai shi hannu yake yi. Kafin in kai tsakiyar ɗakin yatsuna sun fara ƙuna, na karkata hannu, romo ya gangaro bakin farantin. Shugabar ta tare ni da ido, na juya kicin, sauran huɗun suka tsaya cak da farantai takwas suna jirana. Minti biyu ne, amma na ji kamar an yini.

To, ɗan'uwa da za ka fara wannan aiki, riƙe tawul biyu, busassu, ɗaya a hannu ɗaya a aljihu. Kada babban yatsanka ya shiga cikin faranti, a gefe yake tsayawa. Ka zo da wuri ka zaga ɗakin ka haddace lambobin tebura kafin a rage fitilu. Ka sa baƙin takalmi marar santsi wanda ka riga ka saba da shi, sabo zai ci ƙafarka. Ka ci ka ƙoshi tun daga gida. Ka faɗa wa shugaba lokacin sallarka tun kafin a fara, kada ka bari sai layi ya tashi. Farantin da aka yi wa alama kuwa, na mai cutar da ba ta son gyaɗa ne ko madara ko alkama, ka kai shi kujerar da aka rubuta kawai. In baƙo ya tambaye ka abin da ke cikin abinci, kada ka yi cinta, je ka tambayo kuku.

Abin da ya dawo da ni ga fushina shi ne ƙarshen dare. Kujera shida ba a zo ba, farantai shida cur suka shiga bola, ina kallo. A tsarinsu kowane faranti da sunan mai shi, an biya kuɗinsa tun makonni. Ba ɗan gayyar soɗi, ba almajiri a ƙofa, ba kwanon maƙwabciya. Su mutum kusan 500 sun ci da zafinsa cikin rabin awa, mu kuwa wani sai ya tashi bai samu ba, wani ya tafi da leda uku. Na kasa yanke wa ya fi.

Inna dai ta yanke nata. Ta ce in ranar aurena ta zo, ita za ta hura wutar da asuba, ni kuma in zo da busasshen tawul ɗina.