Tambaya ɗaya, amsa ɗaya

A Badarawa da ƙauyukan da ke tsakanin Shinkafi, Zurmi da Ƙaura Namoda, kowa yana da tasa fassarar dalilin da ya sa wasu yara ba sa zuwa makaranta. Wani ya ce talauci ne, wani ya ce rashin tsaro, wani ya ce aikin gona. Mu ɗalibai da muka ɗauki wannan a matsayin aikin bincike mun so mu ji daga bakin magidanta, mu kuma ga ko abin da gida ke samu yana da alaƙa da karatun yara. Mun zaɓi rufaffun tambayoyi, wato waɗanda ake ba mutum jerin amsoshi ya zaɓi ɗaya, domin su ne ake iya ƙirgawa.

Tambayar da ta fi saurin zuwa bakin mai bincike ita ce: "Baba, ai talauci da rashin tsaro ne suka hana yaranku zuwa makaranta, ko? E ko a'a." Aibinta biyu ne. Na farko, tana sa wa mutum magana a baki. Wannan "ai" da wannan "ko?" sun riga sun nuna wa dattijo amsar da muke so, kuma a al'adarmu ba kowa ke son musa wa baƙo ba. Na biyu, tambaya ce mai goyo, abu biyu a zani ɗaya. Wanda yake da kuɗin littafi amma yana tsoron hanya, me zai ce? A ce mun shiga gidaje 40, 34 suka ce e. Ba za mu san nawa ne suka nufi talauci, nawa ne suka nufi tsaro ba, alhali maganin wannan daban da na wancan.

Don haka muka raba ta gida uku. Ta farko: "Yara nawa ne masu shekara 6 zuwa 15 a gidan nan?" Muka fayyace cewa gida shi ne mutanen da ke ci daga tukunya ɗaya, domin ƙofa ɗaya kan iya ɗauke da magidanta uku. Ta biyu, a kan kowane yaro: "A zangon da ya wuce, ya je makarantar boko? E ko a'a." Dole a ce boko, don a nan kalmar makaranta ta haɗa da ta allo da Islamiyya. Ta uku, ga wanda bai je ba kawai: "Mene ne babban dalili? A zaɓi ɗaya: kuɗin kayan makaranta, nisa, tsoron hanya, aikin gona ko kiwo, rashin lafiya, wani dalili daban." Ba a daga murya a kan wata amsa, kuma ana karanta jerin har ƙarshe.

Maganar kuɗi ta fi wuya. "Kuɗin da kuke samu ba ya isa, ko?" jan akala ne, kuma kusan kowa e zai ce. "Nawa kuke samu a wata?" ta dace da mai albashi, amma manomi da kaka yake samu, kuma a rumbu dukiyarsa take. Ko Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, a binciken yanayin rayuwa na 2018 zuwa 2019, da abin da gida ke ci da kashewa ta auna talauci, inda ta sa iyaka a naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara. Mu sai muka yi tambaya biyu. Ɗaya: "A kakar bara, buhu nawa na gero da dawa gaba ɗaya kuka samu? Babu, 1 zuwa 5, 6 zuwa 10, fiye da 10." A lura, ba 1 zuwa 5 sannan 5 zuwa 10 ba, don mai buhu biyar zai rasa inda zai shiga. Ɗayar kuma ta kuɗin sana'a ce a watan jiya, ita ma a rukuni-rukuni. Mun bar gurbin "ba na son faɗa", domin a inda ake fama da masu garkuwa da mutane, magidanci yana da hujjar ɓoye abin hannunsa. Shi ya sa ma ba ma rubuta suna.

Kafin fita, a karanta wa mutum biyar tambayoyin, kowa ya maimaita su da kalmominsa. In wani ya ce "wanne daga ciki?", akwai goyo. In duka biyar sun amsa e tun ba a rufe baki ba, a sake duba kalmomin. Gyara a wannan lokacin aikin minti goma ne, amma in an riga an zaga gidaje 40, sai dai a sake zagawa.